"Su Fahimta" Ba Manufar Darasi Ba Ce

Da yawa daga cikin masu bibiyar wannan zaure malaman firamare ne da ba su daɗe da kama alli ba, wasu kuma ɗaliban kwalejin ilimi ne da ke shirin fita koyarwar gwaji. Su muke nufi da rubutun yau, amma sauran marubuta ma kada ku wuce, domin magana ce ta yadda ake gina jimla guda ɗaya.

Jimlar ita ce wadda ake rubutawa a saman tsarin darasi, wadda kusan kullum take farawa da "A ƙarshen wannan darasi ɗalibai za su iya…". Ra'ayinmu shi ne wannan jimla alkawari ce, kuma alkawarin da ba za a iya duba cikarsa ba kafin a kaɗa ƙararrawa bai cancanci shiga littafin malami ba. Sababbin malamai da yawa suna rubuta ta ne don hedimasta ya sa hannu, ko don sufeto ya gani ya wuce. Shi ya sa ake cin karo da irin wannan: "A ƙarshen darasi ɗalibai za su fahimci haruffa masu ƙugiya."

Mu tsaya a kan wannan misali, tunda gidanmu ne. A ce aji uku ne na firamare, darasin Hausa, minti arba'in, yara sittin. Malama ta shiga ta yi bayani a kan ɓ da ɗ da ƙ, ta rubuta misalai a allo, yara sun maimaita da ƙarfi har ana jin su daga ajin da ke makwabtaka. Saura minti biyar sai ta tambaya: "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya: "E, Malama!" To, yara nawa ne suka fahimta? Ita kanta ba ta sani ba, kuma ba ta da hanyar sani, domin fahimta a cikin kai take, ba a ganin ta. Haka ma "su sani" da "su gane" da "su lura da muhimmancin". Duk kalmomi ne masu daɗin ji, amma babu wadda za ka iya riƙe jan biro ka yi mata maki.

Wannan ba sabon ƙorafi ba ne. Tun a shekarar 1962 wani Ba'amurke mai suna Robert Mager ya fitar da ɗan littafi a kan rubuta manufofin koyarwa, inda ya nuna cewa manufa mai amfani tana da ƙafa uku: aikin da ɗalibi zai yi, yanayin da zai yi shi a ciki, da ma'aunin da za a ce ya yi daidai. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya mu gyara jimlar malamarmu.

Aikin dai dole ya zama abin da ido zai gani ko kunne zai ji: yaro ya rubuta, ya karanta a bayyane, ya ware, ya ja layi, ya lissafa, ya zana. Sai malama ta tambayi kanta: yaron da ya fahimci ƙugiya, me zai yi wanda wanda bai fahimta ba ba zai iya ba? Amsa ɗaya ita ce, idan ya ji kalma zai rubuta ta da harafin da ya dace. To, "rubuta" ita ce kalmar aikinmu.

Yanayi shi ne abin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke nuna nauyin aikin. Yaro ya kwafi "ƙafa" daga allo abu ne daban, ya rubuta ta bayan an goge allo an yi masa shifta abu ne daban. Na farko aikin ido da hannu ne kawai, yaron da bai san bambancin k da ƙ ba ma zai iya kwafa daidai. Saboda haka sai a faɗa ƙarara: za a karanta musu kalmomi, allo a goge, littattafai a rufe.

Ma'auni kuwa shi ne adadi. Kalmomi nawa, kuma nawa ne za a ce ya ci? A nan za mu ba da shawarar a bar darasin a kan harafi biyu kacal, k da ƙ, a ajiye ɓ da ɗ zuwa wani darasin. Ga yadda jimlar za ta koma: "A ƙarshen darasi, idan aka yi wa ɗalibi shiftar kalmomi shida masu farawa da k ko ƙ, ba tare da ya duba allo ko littafi ba, zai rubuta harafin farko daidai a cikin aƙalla biyar."

Me ya sa biyar cikin shida, ba uku ko huɗu ba? Saboda zaɓi biyu ne kawai gaban yaro, ko k ko ƙ. Yaron da yake canki-canka zai iya samun kusan rabi daidai ba tare da ya san komai ba. Wanda ma ya rubuta k a duk kalmomin shida zai ci uku, idan uku daga ciki masu k ne. Ma'aunin da ya tsaya a rabi ba ya bambanta mai sani da mai sa'a. Ku kuma lura mun ce "harafin farko". Idan yaro ya rubuta ƙ daidai amma ya yi kuskure a ƙarshen kalmar, ya cika manufar yau, sauran gyaran na wata rana ne.

Da zarar jimlar ta tsaya haka, sai ta fara raba wa malama mintocinta. Minti biyar na farko a tuna haruffan da aka riga aka sani. Minti goma sha biyu malama ta kawo kalmomi bibbiyu waɗanda ƙugiya ce kaɗai ta raba su a rubuce, kamar kafa da ƙafa, kara da ƙara, kura da ƙura, tana furtawa yara suna saurare suna maimaitawa, tana kuma nuna yadda ake lanƙwasa kan harafin. Minti goma sha biyu yara su gwada da kansu: ta faɗi kalma, kowa ya rubuta harafin farko, ta zagaya tana gyara. Minti takwas na shifta da dubawa, minti uku na rufewa da ba da aikin gida. Arba'in ke nan cif. Idan ka rubuta manufa ka ga ba za ka iya ware mata minti takwas na gwaji ba, alama ce ta yi wa darasi ɗaya girma. Wanda ya jera manufofi biyar a minti arba'in, kowace ta samu minti takwas ke nan har da koyarwa da gwaji, kuma ba mu cire lokacin da ake ɓatawa wajen neman alli da tsawatar wa 'yan bayan aji ba. Manufa ɗaya, ko biyu idan ƙanana ne, ta wadatar.

Kalmomin shiftar kuma kada su zama waɗanda aka yi ta maimaitawa a darasin, in ba haka ba hadda ake aunawa. A kawo sababbi waɗanda yara suka sani a baki: kaza, ƙofa, kifi, ƙasa, kujera, ƙarfe. A sa kowace a cikin gajeriyar jimla, kamar "Rufe ƙofa", don kada yaro ya rikice a kan wace kalma ake nufi.

Mun san abin da malamin da ke da yara sittin zai ce: wa zai duba littafi sittin a minti takwas? Gaskiyarsa. Amma ba sai ya duba duka da hannunsa ba. Yara su yi musayar littafi da na kusa da su, malama ta rubuta amsoshi a allo, kowa ya yi wa ɗan uwansa maki, sannan waɗanda suka samu biyar ko shida su ɗaga hannu a ƙirga. Yara suna yi wa abokansu alfarma, wannan sananne ne, shi ya sa za ta karɓi littafi goma daga layuka daban-daban, har da na can baya, ta duba da kanta. A ce hannu arba'in da biyu aka ƙirga, kuma littattafan da ta duba sun yi daidai da hakan. Yanzu ta san yara goma sha takwas ne ke buƙatar a koma musu.

Kurakuran ma suna magana. Idan yawancin waɗanda suka faɗi k suka rubuta a ko'ina, wataƙila kunnensu bai kama bambancin ba tukuna, musamman yaran da ba Hausa ake yi a gidajensu ba, gobe sai a ƙara sauraro da furuci. Idan kuwa suna furtawa daidai amma ƙugiyar tana fitowa a gurguje har ba a bambanta ta da k, matsalar ta hannu ce, sai a koma kan yadda ake zana harafin. Magani biyu ne daban, kuma malamar da ta rubuta "su fahimta" ba za ta san wanne za ta ba da ba.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya kamata mu saurara, kuma daga cikinmu marubuta ya fi fitowa: ashe ba mayar da koyarwa ƙidayar wake ake yi ba? Ina son karatu, ina jin daɗin harshe, ina yaron da tatsuniya za ta shiga ransa har ya girma ya zama marubuci? Mun yarda waɗannan su ne manyan buƙatu, kuma ba a auna su da biyar cikin shida. Sai dai ba a minti arba'in ake samun su ba, aikin zango ne da shekaru. Wurinsu shi ne babban burin manhaja. Haɗarin da muke gani na gaske shi ne malami ya riƙa zaɓar abin da ya fi sauƙin ƙirgawa kullum, wato "su lissafa" da "su ambata", har shekara ta ƙare yara ba su yi komai ba sai hadda. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan tunani daga tuna abu zuwa amfani da shi da yanke hukunci a kansa, kuma matakan sama ma ana iya ganin su a aikace. A darasin tatsuniya ana iya rubuta cewa ɗalibi zai faɗi dalili ɗaya da ya sa Gizo ya yaudari Ƙoƙi, ya kuma nuna wurin da labarin ya tabbatar da hakan. Wannan tunani ne, kuma kunne zai ji shi.

Kuskure ɗaya da muke yawan gani a littattafan masu koyarwar gwaji shi ne rubuta aikin malami a matsayin manufa: "Malami zai bayyana wa ɗalibai bambancin k da ƙ." Wannan jimla tana cika ko da duk ajin barci yake yi. Mai aikatawa a jimlar manufa ɗalibi ne, kuma mun fi son a ce "ɗalibi" a kan "ɗalibai", domin amsar baki ɗaya tana ɓoye yaron da ke motsa leɓe kawai.

Ga gwajin da za ku yi wa manufarku kafin ku kai wa hedimasta. Ku miƙa jimlar ga malamin ajin da ke kusa, kada ku yi masa wani bayani, ku ce ya rubuta tambayoyin da zai yi wa yara a mintoci takwas na ƙarshe. Idan abin da ya rubuta ya yi kama da wanda kuka shirya, jimlar ta tsaya da ƙafarta. Idan ya ɗago kai ya ce "Me kake so su yi?", to a koma a nemo kalmar aiki. Masu koyarwa a cikinmu, ku turo manufa ɗaya daga darasinku na wannan mako, ko na lissafi ne ko na kimiyya, mu gyara ta tare.