Ƙorafin da bai tabbata ba daban, ƙazafi daban

Jama'a, a ofisoshinmu, da zarar bincike ya wanke wanda aka kai ƙara, sai a juya kan mai ƙorafi. A ganina wannan kuskure ne babba.

A ce an rubuto takarda cewa mai kula da sito ya karkatar da buhu 50 na taki, aka ƙirga, aka samu kaya cif. Abin tambaya shi ne: me mai ƙorafin ya sani ranar da ya rubuta? In mota ya gani ana lodi da daddare, zato ya yi, a gode masa a rufe fayil. Amma in shi da kansa ya sa hannu a takardar karɓar buhunan, to ƙazafi ne.

Ko dokar ICPC ta 2000, hukuncinta na kan wanda ya ba da bayani yana sane cewa ƙarya ne.

Saboda haka a wanke wanda aka zarga a rubuce. Takardar tuhumar maƙaryacin kuwa ta faɗi ƙaryar da ya yi, kada ta ce laifinsa kai ƙara. In ba haka ba, gobe masinja zai ga ana sata ya ja bakinsa ya yi shiru.

Allah ya sa mu dace.