Zauren Malam: Yadda Ake Neman Ƙarin Albashi a Rubuce

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya zo wurina da damuwa. Shi akawu ne a wani wurin casar shinkafa a Yelwa, shekara biyu ke nan albashinsa naira 60,000 bai motsa ba. Ya nuna mini imel da ya shirya wa manajansu, cike da zancen tsadar masara da kuɗin makarantar yara. Na ce masa, "Ɗana, manaja ma kasuwa ɗaya kuke zuwa. Kuka ba hujja ba ne."

Da fari ya so ya kafa hujja da dokar Yuli 2024, wadda ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Amma dokar ba ta hau wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, su kuwa 14 ne. Saboda haka sai muka buɗe littafin sito, muka rubuta haka:

"Ranka ya daɗe, ina roƙo a duba albashina. Kafin in karɓi sito, buhu 12 ke ɓacewa a lissafin kowane wata. Cikin wata shida da suka wuce bai wuce buhu 2 ba. Na kuma karɓo bashin naira 400,000 daga 'yan kasuwar Ngaski da Shanga. Hoton shafukan littafin yana haɗe da wannan saƙo. Ina roƙo a kai albashina naira 80,000. In da hali, a ba ni lokaci mu zauna cikin makon gobe."

Ku lura da lissafin. In an yi wa buhu kuɗi naira 50,000, buhu goma da ya tsare naira 500,000 ne kowane wata. Ƙarin naira 20,000 kuwa kashi ɗaya ne kawai cikin 25 na wannan. Manaja zai ga haka da kansa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai abu biyu da na sa ya share. Ya rubuta cewa shi ya ƙara cinikin wurin, alhali kuwa sabon inji ne ya kawo haka. Ƙarya ɗaya takan sa a yi shakkar sauran lissafin duka. Ya kuma ce zai bar aiki in ba a ƙara ba, ga shi ba shi da wani aikin a hannu.

Na shawarce shi ya aika bayan kaka, sa'ad da aka rufe lissafi, kuɗi kuma na shigowa. In an ce babu hali yanzu, kada ya yi fushi. Ya tambayi watan da za a sake dubawa, ya roƙa a ba shi amsar a rubuce.

Sai mun sadu a wata mai zuwa.