Hujja na iya ƙulluwa alhali ƙarya ce a cikinta

Ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da suka shiga jami'a bana a nan Damagaram ya zo mana da takardar darasinsa, ransa a dagule. Malaminsu ya rubuta musu cewa duk tsuntsu ƙafa huɗu gare shi, akuya kuwa tsuntsu ce, saboda haka akuya ƙafa huɗu gare ta, sa'an nan ya ce wannan hujja gininta daidai ne. Yaron ya ce yaya za a kira shirme daidai? Muka ce masa malaminka bai yi kuskure ba, kuma abin da yake koya muku ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Waɗanda suka karanta Sullam na Shehu Ahlari, malamin ƙarni na 16, sun san cewa kuskuren hujja yakan zo ta ƙofa biyu, ko ta sura ko ta madda, wato ko ta gini ko ta kayan ginin. Tun kafin shi ma Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare ilmin manɗiƙ a gaban Imam Suyuɗi da ke ƙyamarsa.

Bari mu sa wa abubuwan biyu suna da harshenmu. Hujja tana da muƙaddimai, wato maganganun da aka shimfiɗa, tana kuma da natija, abin da aka fitar daga gare su. Za mu ce hujja ta ƙullu idan ba zai yiwu muƙaddiman su zama gaskiya natija ta zama ƙarya ba. Wannan magana ce a kan gini kawai, ba ta tambayar ko muƙaddiman gaskiya ne. Za mu ce hujja ta inganta idan ta ƙullu, sa'an nan kowace muƙaddima tata gaskiya ce. Zancen akuya ƙullalle ne, domin da a ce tsuntsaye haka suke, akuya kuma tana cikinsu, da natijar ta zama dole. Amma bai inganta ba, muƙaddimansa biyu duk ƙarya ne. Natijar ta faɗo a kan gaskiya ne bisa katari.

Mu ba a allo muka gane nauyin wannan bambanci ba, a zauren mai unguwa muka gane shi, inda muke riƙe da alƙalami. An taɓa kawo ƙarar adashi na mutum 12, kowa yana zuba jaka 10 a wata, mai kwasa ya ɗauki jaka 120. Da kwasa ta zo kan wata mai sayar da ƙosai wadda mijinta ya rasu, sai ma'aji ya ce sai an cire jaka 10, domin akwai watan da ba ta zuba ba. Ya tsaya ya ce: "Ranka ya daɗe, duk wanda ya zuba, sunansa yana cikin littafi. Ga littafi, sunanta ba ya cikin wannan wata. Ashe ba ta zuba ba." Zaure ya yi tsit, har da masu tausayinta, domin maganar ba ta da ɓaraka. Kuma lalle ba ta da ita: in duk mai zubi ana rubuta shi, ita kuma ba a rubuta ta ba, babu hanyar da za a ce ta zuba.

Ɗanta ya miƙe don ya kare ta. Ya ce: "Allah ya ba ka nasara, ai duk wanda ya zuba ana kiransa taron ƙarshen wata, inna kuwa an kira ta a wannan watan, kowa ya gan ta. To, ta zuba ke nan." Abin da ya shimfiɗa duka gaskiya ne, ana kiran masu zubi, an kuma kira uwarsa. Amma hujjar ba ta ƙullu ba. Cewa ana kiran duk mai zubi bai nuna cewa masu zubi kaɗai ake kira ba, hasali ma wanda ake bi bashi shi aka fi matsa wa ya zo. Hanyar gwada irin wannan mai sauƙi ce, kuma muna so ɗalibi ya riƙe ta: ka bar ginin yadda yake, ka sauya kayan da waɗanda kowa ya sani. Duk Badamagare ɗan Nijar ne, wane ɗan Nijar ne, saboda haka wane Badamagare ne. Mutumin Maraɗi ɗaya ya isa ya rushe wannan. Muddin aka sami misali guda mai irin ginin, muƙaddimansa gaskiya natijarsa ƙarya, to ginin ya faɗi ko'ina aka same shi.

Mai unguwa bai ɓata lokaci a kan ginin maganar ma'aji ba, sai ya nufi kalmar "duk". Ya tambaye shi: "Malam, kai ne ka karɓi zubi da hannunka kowane wata?" Ma'aji ya yi jim, ya ce akwai watan da ya tafi ta'aziyya, ƙanensa ya karɓa. Aka duba, watan da ake gardama a kansa ne. Aka kuma tarar da mutum biyu waɗanda ma'ajin da kansa bai musa zubinsu ba, su ma babu sunansu a shafin. Nan muƙaddimar farko ta faɗi, domin an sami wanda ya zuba ba a rubuta shi ba.

A nan ne da yawa suke gaggawa. Faɗuwar hujjar ma'aji ba ta tabbatar da cewa matar ta zuba ba, ta dai nuna cewa littafin ba zai iya zama shaida a kanta ba. Da an tsaya nan, da ba a san komai ba. Sai da aka kira ƙanen ma'aji, ya ce ya tuna ta kawo kuɗinta ƙulle a gefen zane, aka kuma ƙidaya abin da ya miƙa wa yayansa aka ga jaka 120 cif, sa'an nan aka ba ta kwasarta cikakkiya. Dubi yadda abin ya kasance: mai ƙullalliyar hujja natijarsa ƙarya ce, mai sakakkiyar hujja natijarsa gaskiya ce, amma ba hujjarsa ce ta tabbatar da ita ba.

Ra'ayinmu, kuma mun san wasu malaman aji ba za su so shi ba, shi ne ƙullalliyar hujja marar inganci ta fi sakakkiya haɗari a tsakanin jama'a. Sakakkiya ko tsohuwar da ba ta yi karatu ba takan ji wani abu ya yi mata gurgunta a kunne. Ƙullalliya kuwa tana rufe bakin mutane, su ji kunyar musu, su manta cewa suna da ikon tambayar muƙaddima. Gaskiya ne ana fara koya wa ɗalibi ƙulli, kuma akwai dalili: ƙulli ana duba shi a zaune da alƙalami, ingancin muƙaddima kuwa sai an tashi an bincika, a tambayi wanda ya gani, a ƙidaya kuɗi. Manɗiƙ ba zai gaya maka ko ma'aji ya yi tafiya ba. Abin da yake ba ka shi ne, in ginin ya tsaya amma kana da tabbacin natijar ƙarya ce, to lalle ɗaya daga cikin muƙaddiman akwai ƙarya a cikinta, sai ka koma ka neme ta. A irin shari'o'in da muka rubuta, galibi a ƙarƙashin "duk", "kullum" da "ba a taɓa" muke samunta.

Yaron ya tambaye mu abin da zai rubuta in an kawo zancen akuya a jarrabawa. Muka ce ya rubuta cewa hujjar ta ƙullu, ba ta inganta ba, natijarta gaskiya ce, ya kuma ajiye kowace amsa a layinta dabam.