Kalmomi huɗu na saƙon banki

A Arlit da Akokan, ƙarshen wata shi ne lokacin da kasuwa take motsi, domin albashin ma'aikatan SOMAÏR da na gwamnati ne ke ciyar da kantuna. Tun da aka rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, kuɗin da ke zagayawa a garin ya ragu, kowace dala tana da mazauninta. A yau yawancin labarin kuɗin nan ta salula yake zuwa, cikin gajeren saƙo na Faransanci. Wanda bai iya karanta shi ba, da kuɗinsa zai biya kuɗin makaranta.

Kalmomi huɗu ne ginshiƙin saƙon. Crédit na nufin kuɗi sun shigo asusu. A nan ake yawan ruɗewa, saboda a bakin 'yan kasuwa wannan kalma bashi take nufi, alhali a saƙon banki shigowar kuɗi ce. Débit na nufin kuɗi sun fita. Frais shi ne ladan da banki ko kamfani ya ɗauka a kan aikin da ya yi. Solde kuwa shi ne abin da ya saura bayan an gama komi. A saƙon Airtel Money ko Moov Money akan ga reçu a madadin na farko, envoyé ko retrait a madadin na biyu, amma ma'anar ɗaya ce.

Ga misali. A ce malamin makaranta ne a Arlit, da ragowar 12.000 F a asusunsa. Albashi ya sauka, saƙo ya ce Crédit 185.000 F, Solde 197.000 F. Washegari ya ciri jika ɗari a injin wani banki wanda ba nasa ba, sai ga wannan:

```
Débit: 100.000 F
Frais: 500 F
Solde: 96.500 F
```

Lissafin a fili yake: a ɗauki ragowar jiya, a cire abin da ya fita, a cire lada, dole a faɗa kan ragowar yau. In an sami giɓi, to akwai wani cirin da saƙonsa bai iso ba, kamar kuɗin riƙon asusu ko biyan bashi na wata. Sai a nemi takardar lissafin asusu. Tun ranar 1 ga Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya wajabta wa bankuna su ba da takardar lissafi ta wata kyauta, haka ma cirar kuɗi da katin mutum a injin bankinsa. Wanda ya ga an caje shi a kan waɗannan yana da hujjar zuwa ya tambaya.

Mai karatu ya kuma tuna cewa saƙo da tamma yake ƙidaya, kasuwa kuwa da dala. Ladan 500 F dala ɗari ne, ba dala ɗari biyar ba.

Tarko mafi muni ga ma'aikaci yana cikin ragowar kanta. Malamin nan an cire masa 40.000 F na bashin banki, saura 56.500 F. Sallah ta matso, banki ya yarje masa ya ciri 70.000 F. Saƙo ya nuna Solde -13.500 F, ko a rubuta débiteur a gefensa. Wannan ɗan karan da ke gaban lamba yana nufin banki ne ke bin sa. In albashi ya sake sauka, 171.500 F zai tarar, kuma daga ciki za a zare ruwan bashin, wanda ake rubutawa agios.

Shi kuma ɗan kasuwa, tarkonsa dabam ne. Mai saye yakan miƙo salularsa ya ce ga shaida, kuɗi sun tafi. Wannan saƙo fitar kuɗi kawai yake nunawa, kuma mai yiwuwa wata lambar suka nufa, ko ma saƙon ƙirƙirarre ne. Saƙon gaskiya da sunan banki ko kamfani yake zuwa, ba da lambar mutum ba, yana kuma ɗauke da lambar shaidar aiki. Duk da haka, sunan ma ana iya kwaikwayonsa. Saboda haka kada buhun shinkafa ya bar kanti sai mai kanti ya buɗe asusunsa da kansa, ya ga ragowarsa ta ƙaru da daidai kuɗin kaya. A kuma daidaita tun wajen ciniki a kan wanda zai ɗauki ladan cirewa, domin jika hamsin a salula ba ta cika jika hamsin a hannu.