Ɗan talla na farko: mai fitar da kaya ko mai dawo da kuɗi?

A watan jiya wata ƙanwata, wadda ke da ƙaramin kamfanin haɗa sabulun ruwa a Unguwan Dosa, ta zo mini da littafin lissafinta da kuma tambaya guda. Ta ce, “Yaya, zan sake ɗaukar mai kai mini kaya shaguna, me zan fara dubawa a jikinsa?” Kalmar “sake” ɗin nan ita ce ta sa na ga ya dace mu tattauna batun a wannan fili, domin na farkon da ta ɗauka ya kusa durƙusar da ita, kuma ba sata ya yi ba.

Ga yadda lissafin yake. Tana sayar da katan ɗaya a kan Naira 12,000, abin da take kashewa wajen haɗa shi kuwa Naira 10,500 ne, ribarta ke nan Naira 1,500. Ta ɗauki wani matashi mai takardar difloma, mai zaƙin baki da tsaftar tufafi, a kan albashin Naira 60,000 da kuɗin zirga-zirga Naira 30,000, da la'adar Naira 300 a kan kowane katan da ya fitar. A watan farko ya fitar da katan 140, daga Kawo har Babbar Kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, aka yi ta murna. Da wata ya ƙare sai aka ga kuɗin katan 90 kaɗai suka shigo. Sauran 50 bashi ne, kuma har yau kuɗin 20 daga cikinsu ba su dawo ba. Uwar kuɗin waɗannan 20 ɗin ta kai Naira 210,000, wato sai ta sayar da wasu katan 140 ta karɓi kuɗinsu cif kafin ta toshe wannan rami. Katan ɗaya da ya nitse a bashi yana cinye ribar katan bakwai.

Daga nan ne na ce mata abin da za ta sa gaba shi ne iya karɓar kuɗi. Babban kamfani yana da mai talla daban, mai bin bashi daban, da akawu daban. A ƙaramin kamfani mutum ɗaya ne yake ɗauke da ayyukan nan uku, kuma shi kaɗai yake yanke shawara, a tsaye a bakin shago, ko a bar kaya ko a dawo da su. Ajiye kaya a shagon da ba za a biya nan take ba abu ne mai sauƙi, kusan kowane mai shago zai karɓa. Aikin yana ga komawa ranar da aka yi alkawari, da jure “dawo jibi” sau uku ba tare da fushi ko jin nauyi ba, da kuma ƙarfin halin ce wa dattijo, cikin ladabi, “Alhaji, sai an biya na baya sannan zan sauke sabo.” Kunya ado ce a tarbiyyarmu, amma wanda kunya ke hana shi tambayar haƙƙi bai dace da wannan aiki ba. Shi ya sa nake shakkar ɗauko ɗan uwa don kawai yana zaune babu aiki: shagunan da zai fara zuwa na abokai ne da surukai, inda bin bashi ya fi wuya, kuma idan ya gaza, sallamarsa za ta zama maganar dangi.

Abu na biyu shi ne sanin gari, domin da ɗan gari akan ci gari. Sanin da nake nufi ya wuce sanin hanyar zuwa Mando ko Malali. Shi ne sanin wane mai shago ne kayansa ke gudu, wane ne ya saba juya kuɗin masu kawo kaya, da kuma wane lokaci ne maigidan kansa yake zama a shago. Wanda ya yi shekara uku yana yaron shago a Kasuwar Barci ya fi mai digiri wannan ilimi nesa ba kusa ba. Harshe ma yana cikin sanin gari. Kasuwannin Kaduna ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai Ibo da Yarbawa da sauran ƙabilu a cikinsu, saboda haka wanda ya iya Hausa da buroka ya fi wanda ya iya Turancin makaranta zalla amfani.

Na uku shi ne rubutu da lissafi, ba mai zurfi ba. Ya iya riƙe littafi mai sunan shago, da ranar sauke kaya, da adadi, da ranar biya. Matashin farko bai riƙe komai ba sai a ka, shi ya sa da ya tafi aka rasa wanda ya san inda wasu katan suka kwana. Zaƙin baki da takardar makaranta su ne na ajiye a ƙarshe. Ban ce ba su da amfani ba, amma su ne suka fi saurin bayyana a hirar ɗaukar aiki, don haka su ne suka fi ruɗin mai ɗauka.

To ta yaya za a gane waɗannan halaye tun kafin a yi asara? Hira ba ta nuna su, gwaji ne yake nunawa. Na ba ta shawarar ta ba duk mai nema katan biyar da layi guda, misali daga Kawo zuwa Hayin Banki, na mako ɗaya, ta biya shi ladan makon. Ranar Asabar ta dubi kuɗin da ya dawo da su, ta dubi littafinsa, sannan ta tambaye shi shagunan da suka ƙi karɓa da dalilinsu. Wanda ya ce “kowa ya yaba” bai saurari kowa ba. Wanda ya ce masu shago sun yi ƙorafin murfin robar yana yoyo, ko kuwa wani sabulun ya fi nata araha da Naira 500 a katan, ya kawo mata labarin da ya fi cinikin makon daraja. Ta kuma je da ƙafarta wurin maigidansa na baya, kada ta tsaya ga takardar mai tsaya masa.

Sai dai adalci ya sa in faɗa cewa rabin laifin nata ne. Ita ce ta ɗora la'ada a kan kayan da suka fita, shi kuwa ya bi abin da ake biyansa a kai. A ɗora la'ada a kan kuɗin da suka shiga asusun kamfani, a kuma ƙayyade iyakar bashin kowane shago. Ta san adadin da za ta auna shi da shi: bayan cire la'ada ribar katan Naira 1,200 ce, don haka sai ya kawo kuɗin katan 75 a wata, kimanin uku a kowace ranar aiki, kafin ya biya kuɗin kansa na Naira 90,000. A rubuta duk wannan. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma ko da dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wanda ake biya abin da ba ya isar sa alhali kuɗin mutane na ratsa hannunsa kullum, an jefa shi cikin jarrabawa.

Mutum uku ne suka yi gwajin ƙanwar tawa. Wanda ta ɗauka katan huɗu ya sayar, ya kawo kuɗinsu duka, ya dawo da na biyar ya ce bai yarda da mai shagon ba.