Kafin a Sauya Kalma: Hattara da Ƙamusun Makusantan Ma'ana

Daga cikin gyare-gyaren da ɗalibi mai rubuta kundin digiri ya fi cin karo da su a gefen takardarsa akwai wanda ke cewa maimaici ya yi yawa. Maganin da yawanci ake garzayawa gare shi kuwa shi ne ƙamusun makusantan ma'ana, wato littafin da ke tara kalmomin da ma'anarsu ta yi kusa a wuri guda, domin marubuci ya ɗauki ɗaya ya ajiye a gurbin wata. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa irin wannan ƙamus mai tuni ne, ba alƙali ba. Yana tuna wa marubuci kalmomin da suka kwanta masa, amma ba ya yanke hukuncin wadda ta dace da jimlar da ke gabansa. Wannan hukunci sai an yi wa kalmar tambayoyi uku: wane yabo ko zargi take ɗauke da shi, da waɗanne kalmomi take tafiya, kuma a wane zaure ake faɗinta.

Likitan nan na Ingila, Peter Mark Roget, da ya fitar da shahararren littafinsa a 1852, ya kasa kalmomin Ingilishi rukuni dubu bisa ma'ana, domin mai ra'ayi a zuci ya sami kalmar da zai furta shi. Bai yi da'awar cewa duk kalmomin rukuni guda daidai suke ba. Tun kafin wannan da ƙarnoni, malaman Larabci sun ga haɗarin. Abu Hilal al-Askari, a ƙarni na huɗu na Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan bambance-bambancen da ke tsakanin kalmomin da ake ɗauka ɗaya ne. Mai rubutu da Hausa shi ma yana da inda yake samun irin wannan jeri. Ƙamusun Bargery na 1934 yakan tara kalmomi masu dangantaka a ƙarƙashin wasu kalmomi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 yakan bayyana kalma da wata makusanciyarta. Ƙamusun Ingilishi da Hausa kuma yakan ba da kalmomin Hausa uku ko huɗu a gaban kalmar Ingilishi guda. Duk ɗalibin da ya ɗauki ɗayan waɗannan jerin a matsayin izinin musaya, ya ɗora wa littafin nauyin da bai ɗauka ba.

Misali guda zai isa a bi zancen daki-daki. A ƙaddara ɗalibin tarihin siyasa ya rubuta cewa: "Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, bayan ya shafe shekaru yana koya wa talakawa dabarun neman haƙƙinsu, a zamanin da 'yan NEPU da dama suka sha ɗauri." Jimlar ba ta da aibi. Amma da yake rasu da talakawa da dabaru da sha sun riga sun fito sau da yawa a babin, sai ya buɗe jeri ya nemi madadinsu. A gaban rasu ya ga mutu, halaka, faku, sheƙa barzahu. A gaban talakawa ya ga matalauta, fakirai, matsiyata. A gaban dabaru ya ga wayo, hikima, makirci. A gaban sha ya ga kurɓa, kwankwaɗa, zuƙa. Kowane jeri gaskiya ne a matsayinsa na jeri, kuma kusan kowane sauyi zai ɓata jimlar, ko da yake ba ta hanya ɗaya ba.

Tambaya ta farko ta shafi abin da kalma ke ɗauke da shi bayan ma'anarta ta zahiri. Dabara da makirci duka hanya ce ta cim ma buri ba da ƙarfin tuwo ba, amma dabara ba ta zargin kowa, makirci kuwa ya riga ya yanke wa mai shi hukuncin mugun nufi. Wayo yana tsakiya, domin ana yaba yaro da shi, ana kuma kuka da ɗan kasuwar da ya yi wa abokin cinikinsa shi. Idan ɗalibin ya ce an koya wa jama'a makircin neman haƙƙi, ya koma gefen abokan hamayyar NEPU ba tare da ya sani ba. Batun talakawa ya ma fi wannan nauyi. A tsarin zaman Hausawa, talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta kuma ba ɗan gidanta ba, ko da yana da rumbu cike da hatsi. A wannan ma'ana ce NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta mai da kalmar tutar gwagwarmayarta. Matalauci kuwa rashin dukiya kawai yake nunawa, matsiyaci kuma zagi ne. Wanda ya sauya talakawa da matalauta ya mai da rikicin mulki ya zama zancen rashin kuɗi, wato ya sauya hujjar babin gaba ɗaya da kalma guda. Hanyar gane irin wannan kuskure mai sauƙi ce: a ƙaddara an karanta jimlar a gaban wanda ake magana a kansa, ko a gaban iyalansa. In kalmar za ta sa su ɓata rai, ko ta sa su ji an yi musu kirarin da ba a yi niyya ba, to tana ɗauke da kayan da marubuci bai yi odarsu ba.

Tambaya ta biyu ta shafi abokan tafiyar kalma. Kurɓa da sha suna haɗuwa a kan ruwa da koko, amma daga nan suka rabu. Bahaushe yana shan wahala, yana shan iska, yana shan ɗauri, yana shan rake da mangwaro, amma babu wanda ya taɓa kurɓar ɗauri. Ba ma'ana ce ta hana ba, al'adar harshe ce. Haka karya da fasa suke: ana karya sanda a fasa tulu, ana karya doka da kumallo da farashi, ana fasa ƙwauri da taro. Tufafi ma kowanne da aikatau nasa, domin riga sawa ake yi, zane ɗaurawa, rawani naɗawa, mayafi yafawa. Sifofin girma sun fi kowa tsauri a wannan fanni. Makeke na abu mai faɗi ne kamar fili ko gida, zungurere na abu mai tsawo ne, shirgege na abu mai kauri da nauyi ne. Jeri zai kawo su duka a ƙarƙashin ƙato, amma zungureren fili da makeken fili ba siffa ɗaya suke zana wa mai karatu ba. Alamar wannan kuskure ita ce jimla ta cika ƙa'idar nahawu, duk da haka kunnen mai harshe ya ƙi ta.

Tambaya ta uku ta shafi zauren da ake magana a cikinsa, abin da masana harshe ke kira rajista. Kalmomin mutuwa sun fi kowane rukuni nuna wannan. Mutu ita ce uwa, tana shiga kan mutum da dabba, har ma a ce aure ya mutu ko mota ta mutu. Rasu ta mutum ce kaɗai, kuma da ladabi take tafe, shi ya sa ba a cewa akuya ta rasu. Riga mu gidan gaskiya ta sanarwa ce da ta'aziyya. Faku da wafati na annabawa ne da manyan bayin Allah. Halaka tana ɗauke da ƙanshin mummunan ƙarshe. Sheƙa barzahu kuwa ta bakin wanda bai ji zafin rashin ba ce, irin wadda ake yi wa ɗan fashin da ya gamu da ajalinsa. A kundin bincike, rasu ce ta dace da Malam Aminu Kano, ko da ta fito sau goma. Wadda ta fi ta girma za ta mai da bincike wa'azi, wadda ta kasa ta kuma za ta mai da shi cin mutunci.

Amsa waɗannan tambayoyi ba ya bukatar dogon lokaci. Mataki na farko shi ne a bi kalmar da aka samo a koma da ita ƙamusu mai bayani, a karanta ma'anarta da misalanta, a ga ko ma'anar da ake nema ita ce ta farko ko wata can ta gefe. Ƙamusun Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 yana da amfani a nan, domin yakan nuna muhallin da kowace fassara ta dace da shi. Mataki na biyu shi ne a nemi kalmar tare da maƙwabciyarta, ba ita kaɗai ba. A rubuta "sha ɗauri" cikin alamun zance a injin bincike, sannan a rubuta "kurɓi ɗauri", a kwatanta abin da ya fito, a kuma duba su wa suka faɗa: jarida ce kamar Aminiya, ko hirar samari ce. Wannan gwaji yana da iyaka. Masu rubutu da yawa ba sa sanya haruffa masu lanƙwasa, aikatau yana sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo shi, kuma wani kaso na Hausar intanet fassara ce da aka yi cikin gaggawa. Saboda haka sai a gwada siffofi biyu ko uku, kuma a auna ingancin majiya fiye da yawanta. Mataki na uku shi ne a karanta jimlar da ƙarfi, in da hali a gaban dattijon da harshen ya zauna a bakinsa.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce tsananta bincike zai sa ɗalibi ya tsorata da sababbin kalmomi, ya maƙale wa 'yan kaɗan da ya sani, alhali Hausa tana da yalwa. Akwai gaskiya a ciki, domin maimaicin da lalaci ya haifa yana gundurar mai karatu, kuma jerin makusantan ma'ana yana farfaɗo da kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin matasa. Sai dai yalwar harshe ba a yawan kalmomin da ke nufin abu guda take ba, a bambancin da ke tsakaninsu take. Wanda ya yi amfani da faku a inda rasu ta dace bai raya faku ba, ya dai goge iyakar da ta sa take da daraja. Bugu da ƙari, a rubutun ilimi akwai maimaicin da wajibi ne. Idan an ayyana talakawa a babi na ɗaya, sauya ta a babi na uku zai sa mai jarrabawa ya zaci wani rukunin mutane ake nufi. Sau da yawa maganin maimaici ba sabuwar kalma ba ce: wakilin suna, ko haɗe jimloli biyu, ko share jimlar da ba ta ƙara komai ba, sun fi tsafta.

Idan aka koma ga jimlar ɗalibin, daga cikin sauye-sauye huɗu da jeri ya ba shi, guda ɗaya ne kawai zai iya tsallake tambayoyin uku, wato hikimomin neman haƙƙi a maimakon dabarun neman haƙƙi, shi ma in yana nufin ƙara yabo ne da gangan. Sauran ukun gara su zauna yadda suke. Nauyin yana kan masu duba kundi kamar yadda yake kan ɗalibai. Malamin da ya ja layi ya rubuta maimaici kawai, ya tura ɗalibi ga jeri ba tare da ma'auni ba. Wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi matalauta ya bar talakawa, shi ne ya koya masa yadda ake amfani da ƙamus.