Ranar da aka rufe Cominak, wa ya kaɗa ƙuri'a?

Ƴan'uwa, duk lokacin da aka tada zancen yuraniyom a fadarmu, abu guda muke gardama a kansa: kashi nawa ne na Nijar, kashi nawa ne na Faransa. Ni kuma tambayar da ke damuna daban ce. Idan aka zauna yanke shawara a kampani, wa ke da kujera?

Mu ɗauki Cominak, mahaƙar Akuta da ke kusa da Arlit. Ta fara fidda yuraniyom a 1978. A watan Oktoban 2019 majalisar gudanarwar kampanin ta yanke cewa za a tsaida aiki ranar 31 ga Maris 2021, kuma haka aka yi. Masu hannun jari a lokacin su huɗu ne: Orano ta Faransa da kashi 34 cikin 100, Sopamin ta gwamnatin Nijar da 31, wani kampanin Japan da 25, na Spaniya da 10. A dokar OHADA da kampanoninmu ke bi, masu jari ke zaɓen ƴan majalisar gudanarwa, kuma nauyin ƙuri'arka gwargwadon jarinka ne. Lissafa ka gani, 34 da 31 da 25 da 10 sun cika ɗari cif. Ba abin da ya rage wa mahaƙin da ya shekara ashirin yana shiga rami, balle mai tuwo-tuwo ta Akokan, garin da aka gina dan wannan ma'adini kawai.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce masu jari su suka sa kuɗinsu, su ke ɗaukar hasara. Ma'adinin ya kusa ƙarewa, farashi ya faɗi tun haɗarin Fukushima na 2011, ba wanda zai ci gaba da zuba kuɗi cikin rijiya. Na yarda, ba a tilasta wa ƙasa ta ba da abin da babu.

Amma a duba wa ke ɗauke da hasarar gaske. Mai jari, iyakar abin da zai rasa shi ne jarin da ya sa, doka ce ta ƙayyade haka. Yana kuma iya fita. Kampanin Japan ya miƙa wa Orano kasonsa ƴan makonni kafin rufewa, ya kama gabansa. Mutumin Akokan fa, wa zai miƙa wa huhunsa? Tarin dusar ma'adini mai guba kusan tan miliyan 20 aka bari a gefen gari, kuma gubar irin wannan dusa na daɗewa dubban shekaru. An tsara rufe ta da laka da duwatsu, aikin wajen shekara goma. Waɗanda za su sha ruwan ƙarƙashin wannan ƙasa bayan an gama, ba su da ƙuri'a ko ɗaya kan kaurin rufin ko kuɗin da za a kashe.

Ko cikin ma'aikata an raba aji. Kimanin 600 da ke da kwantaragi kai tsaye da Cominak sun samu kuɗin sallama, dan suna da sandika da takarda. Ɗaruruwan da ke aiki ta hannun ƴan kwangila, masu shaƙar ƙura ɗaya a rami ɗaya, abin da suka samu bai kama ƙafar wancan ba. A takarda ba ma'aikatan kampanin ba ne.

To, ga inda zan ɓata wa wasu rai. Za ku ce ai gwamnati na ciki, ita ce muryar talaka. Sopamin na zaune ne a matsayin mai jari, kuma mai jari riba yake jira. Duk sefa da aka ware dan gyaran muhalli ko jinyar tsofaffin mahaƙa, daga ribar da za a raba ake cire ta, har da rabon gwamnati. Wanda ke cin riba shi ne kuma alƙalin da zai hukunta kampani, yaya ke nan? A watan Yunin 2025 an maida Somair mallakar ƙasa, mun yi murna, ni ma na yi. Sai dai canza mai kampani bai ƙara wa mutanen Arlit kujera ba.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. A Jamus, tun dokar 1976, kampanin da ma'aikatansa suka wuce 2,000, rabin kujerun majalisar sa ido na wakilan ma'aikata ne, kuma masana'antunsu ba su rushe ba.

Abin da nake nema a rubuta cikin dokar ma'adinai kaɗan ne. A ba ma'aikata kujera mai ƙuri'a a majalisar gudanarwa, har da na ƴan kwangila, a ba komin ɗin da ramin ke cikinta tata. Kuɗin gyaran wuri kuma a fara tara su tun shekarar farko ta haƙa, cikin asusun da ba mai jarin da zai taɓa shi, ko da gwamnati ce, a riƙa buga lissafinsa kowace shekara a ƙofar magajin gari. Somair ma wata rana ma'adininta zai ƙare, ina so a gyara wannan doka tun kafin majalisarta ta zauna sa ranar rufewa.